Litinin ɗaya, kwanan wata uku: takardar cinikin gida mai 6/4/81

Bashar Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu aikin fassara. Kawuna ya turo mini hoton wata tsohuwar takarda ta waya, takardar cinikin gida ce tsakanin kakanmu da ƙanensa, a nan cikin garin Sakkwato. 'Ya'yan ƙanen a Sudan suke, can aka haife su, ba su karanta boko, sai aka ce in mayar musu da ita Larabci. Shafi ɗaya ce, an rubuta da hannu da Hausar boko, kuma maganar cikinta ba ta ba ni wuya ba. Kwanan wata ne ya tsayar da ni tun jiya.

A sama an rubuta 6/4/81, amma lambar ƙarshe tana da ɗan ƙugiya a kanta, har wani lokaci in na duba sai in ga kamar 87. A ƙasa kuma, wani malami cikin shaidu ya sa hannu da Larabci, ya rubuta ranar Litinin, 30 ga Jimada Ula, shekarar kuwa ana ganin 140 amma lambar ƙarshe ta faɗa cikin ninkin takardar. Na sa 6 ga Afrilu 1981 a wani shafin juya kwanan wata, ya ba ni 1 ga Jimada Akhir 1401. Na gwada wani, ya ce 2 ga Jimada Akhir. Malamin kuma ya ce 30 ga Jimada Ula. Ko watan ma bai zo ɗaya ba. Wanne zan rubuta? Ko in gyara na malamin tunda da alama ya yi kuskure?

Murtala A.:
Wa alaikumus salam. Abin da sauƙi. Ga shekarun nan, ka cire 580 daga Miladiyya ka samu Hijiriyya: 1981 ta ba ka 1401, 1987 ta ba ka 1407. Tunda malamin ya rubuta Litinin, ka duba kalandar wayarka, ka ga a wace shekara cikin biyun 6 ga Afrilu ta faɗo Litinin, shi ke nan ka gano shekarar. Ranar kuma ka bi kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, ita ce ake aiki da ita a hukumance.

Shamsu:
Ni dai ban ga dalilin da za a tura wa Musulmi takarda da Larabci a bar kwanan watan Nasara a ciki ba. Muna garin Shehu. Ka cire 6/4 ɗin gaba ɗaya ka sa na Musulunci, ai shi ne namu.

Bashar Mabera:
Malam Shamsu, ba zaɓen kalanda nake yi ba, takarda ce da aka riga aka rubuta shekaru aru-aru, duka biyun suna cikinta. Malam Murtala, na duba kamar yadda ka ce. 6 ga Afrilu 1981 Litinin ce. 6 ga Afrilu 1987 ita ma Litinin ce.

Malama Asma'u:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bashar, kada ka taɓa abin da malamin ya rubuta tukuna. Mu bi abin daki-daki.

Shawarar Malam Murtala ta duba ranar mako ita ce farkon abin da nake yi kullum, sai dai a wannan karon an yi rashin sa'a. Tsakanin 1981 da 1987 shekara shida ce, kowace shekara tana tura ranar mako gaba da kwana ɗaya, ga kuma 1984 mai Fabrairu 29 ta ƙara ɗaya. Kwana bakwai ke nan cif, mako ya zagayo. Kalandar shekarun biyu iri ɗaya ce daga Janairu har Disamba, don haka Litinin ba za ta raba su ba.

Sunan watan ne zai raba su. Shekarar 1407 ta kama ne a farkon Satumba 1986, saboda haka 6 ga Afrilu 1987 ta faɗo cikin makon farko na Sha'aban, ana shirin azumi. Babu malamin da zai kira Sha'aban da Jimada. A 1981 kuwa, 6 ga Afrilu tana daidai bakin Jimada Ula da Jimada Akhir. Shekarar 81 ce, ta Hijira kuma 1401. Ƙugiyar da kake gani salon hannu ne, mutane da yawa haka suke rubuta ɗaya.

Litinin ɗin ta yi mana wani aikin dabam. Wasu shafukan suna fara karanta wata kafin rana, in ka sa 6/4 sai su ɗauka 4 ga Yuni. To 4 ga Yuni 1981 Alhamis ce, kuma 1 ga Sha'aban a lissafi. Ita ma ta fita. Da ka ga shafi ya jefa ka wata biyu gaba, ka san ya juya maka rana da wata ne.

Murtala A.:
Na yarda da batun 87, ban lura kalandarsu ɗaya ba ce. Amma cire 580 ɗin ai ya ba da 1401 daidai.

Malama Asma'u:
Ya ba da daidai don takardar ta Afrilu ce. Da ta Disamba 1981 ce da ya ɓata maka, domin 1402 ta shigo tun ƙarshen Oktoba. Yana da amfani don mutum ya san unguwar da yake, amma ba ya kai ka ƙofar gida.

Yanzu ga dalilin amsa uku. Yawancin shafukan nan ba su san an ga wata ko ba a gani ba. Jadawali ne suke bi wanda ya yanke cewa Muharram 30, Safar 29, Rabi'ul Awwal 30, Rabi'us Sani 29, Jimada Ula 30, haka har ƙarshen shekara, sannan cikin kowace shekara talatin a ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya sau goma sha ɗaya. Kai ma za ka iya yi da biro. A jadawalin, 1 ga Muharram 1401 ita ce Lahadi 9 ga Nuwamba 1980. Watanni biyar na farko sun haɗa kwana 148. Ka ƙirga daga 9 ga Nuwamba: saura 21 a Nuwamba, 31 na Disamba, 31 na Janairu, 28 na Fabrairu, 31 na Maris, ya zama 142. Ƙara shida ka cika 148, ka sauka kan 6 ga Afrilu. Shi ya sa shafin farko ya ce 1 ga Jimada Akhir.

Na biyun da ya ce 2 ga wata, jadawalin ɗaya ne, mafarin ne ya bambanta. Wasu suna fara ƙirgar Hijira daga Juma'a 16 ga Yuli 622, wasu daga Alhamis 15 ga Yuli. Wanda ya fara daga Alhamis kullum yana gaba da kwana ɗaya.

Malamin kuwa ba jadawali yake bi ba, watan da mutanen gari suke ƙirgawa yake bi. A jadawali Jimada Ula ta kama Asabar 7 ga Maris 1981. In su a lissafinsu ta kama Lahadi 8 ga Maris, ka ƙirga da kanka: 31 ga Maris ta zama 24 ga wata, 6 ga Afrilu ta zama 30. Tazarar kwana ɗaya ce tak. Ta ba ka tsoro ne don ta faɗo a kan iyakar wata biyu, sai sunan watan ya canza. Da a tsakiyar wata ne, 14 da 15, da ko tambaya ba za ka yi ba.

Baba Alhaji Gidaɗawa:
Assalamu alaikum. Jikana ne yak karanta mini maganar taku, nac ce shi rubuta mini amsa. Ni na yi aikin rajista a kotun alƙali shekara da shekaru kahin in aje aiki. Abin da Malama taf faɗi haka shike. Watan azumi da na salla biyu, kowa na jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, lokacin nan Sarki Abubakar na uku, Allah shi jiƙan shi. Amma watanni awa Jimada, malami cikin zaurenai shi da almajirainai ka ƙirga abinsu. In ba a ga wata ba daren talatin, a cika talatin. Ga ƙura ga hazo a Sakkwato lokacin bazara, sau da yawa sama ba ta ganuwa sosai wajen faɗuwar rana. Mun sha samun takarda biyu na rana guda, wagga ta ce 29 waccan ta ce 1 ga wata. Ba mu cewa wani ya yi ƙarya. Sunan rana muka dubawa, don ba a taɓa gardama kan yau Littinin ce ko Talata ba.

Kuma ku tuna da abin da anka yi a Masallacin Makka farkon shekara ta 1400. Duk duniya ta rubuta 1 ga Muharram, ranar Talata 20 ga Nuwamba 1979. Ku sa cikin na'urar taku ku gani ko ta yarda.

Bashar Mabera:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na gwada. Shafin farko ya ce 1 ga Muharram 1400 ita ce Laraba 21 ga Nuwamba. Na biyun ne ya ba da 20.

Malama Asma'u:
Ka gani ko. Ranar da duniya duka ta sani ma, jadawalin farko ya saɓa mata da kwana ɗaya. Baba, mun gode ƙwarai.

Murtala A.:
Ni ina da wata fahimtar. Ranar Musulunci da magariba take farawa, ta boko da sha biyun dare. Wataƙila da dare aka yi cinikin, bayan isha'i, shi ya kawo bambancin. In haka ne babu ma maganar ganin wata.

Malama Asma'u:
Asalin maganar gaskiya ce, kuma tana kama masu fassara da yawa, musamman a takardun haihuwa da na rasuwa. Wanda aka ce an haife shi daren Juma'a, a agogon boko yammacin Alhamis ne ko kuma asubahin Juma'a. Amma ka duba inda take tura lissafi. Bayan magariba kwanan watan Hijira gaba yake yi, ya bar na boko a baya. Da bayan magaribar 6 ga Afrilu aka rubuta, da malamin ya ce daren Talata, kuma da lambarsa ta wuce ta jadawali. A nan lambarsa baya take da kwana ɗaya, kuma ya ce Litinin, wadda ta dace da 6/4. Dare ba zai bayyana wannan ba.

Ita kuma Ummul Ƙura da ka ambata, kalandar hukumar Saudiyya ce, lissafinta a kan Makka aka gina shi, kuma an sha canza ƙa'idarta. In takardar Jidda ce ko ta Madina, ita zan duba. Ba ta da hurumin gaya mana abin da malamin Sakkwato yake ƙirgawa a 1981.

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don abin ya taɓa cin mu. Ƙanena ya nemi karatu a wata ƙasar Larabawa, aka kai takardar haihuwarsa wurin wani mai fassara. Mutumin don ya kyautata sai ya juya ranar haihuwar zuwa Hijiriyya, ya cire ta Miladiyya gaba ɗaya. Da takardun suka isa can, ma'aikacin ya sake juya ta zuwa Miladiyya da tasa na'urar, sai ta fito da bambancin kwana ɗaya da abin da ke fasfo. Aka dawo da fayil ɗin aka ce bayanansa sun saɓa. Sai da aka sake fassara, aka sake buga hatimi, aka sake aikawa, wata kusan biyu ya tafi a haka. Malam Shamsu, da ka ga halin da mahaifiyarmu ta shiga a lokacin, da ba ka ce a cire komai ba.

Shamsu:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Ni abin da nake nufi kada a mayar da namu kamar ɗan rakiya. Amma na ji.

Sanusi Arkilla:
Bashar ya turo mini hoton tun da safe don in taya shi dubawa, kuma akwai abin da ya tsaya mini wanda ban ga kowa ya ambata ba. Malamin da lambobin Larabci ya rubuta. Talatin a haka ita ce ٣٠, wato uku da ɗigo. Sifilin Larabci ɗigo ne kawai. Takardar nan duk ɗige-ɗige ne a jikinta, na tsufa da na ƙwari, ga hoton ya bi ta waya ya rage kyau. Wa ya tabbatar mana wannan ɗigon tawada ce? In datti ne, malamin 3 ga Jimada Ula ya rubuta, ba 30 ba.

Na sa 3 ga Jimada Ula 1401 a shafin farko don in kawar da zargin. Ya ba ni 9 ga Maris 1981. Na duba ranar. Litinin ce.

Bashar Mabera:
Innalillahi. To yanzu fa?

Malama Asma'u:
Sanusi, Allah ya yi maka albarka, wannan ban gan shi ba. Kuma lissafinka daidai ne: jadawali ya ce watan ya kama Asabar 7 ga Maris, 3 ga wata ta zama Litinin 9 ga Maris. Tsakaninta da 6 ga Afrilu kwana 28 ne, mako huɗu cif. Ke nan karatu biyu muke da su, kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Ko Litinin 30 ga wata, rana ɗaya da ta saman takarda, da tazarar kwana ɗaya daga jadawali. Ko Litinin 3 ga wata, ta dace da jadawali babu tazara, amma mako huɗu kafin ranar da ke sama.

Ni na fi karkata ga 30. Shaida yakan sa hannu ranar da aka rubuta takarda ko bayanta, da wuya ya riga ta da wata guda. Amma karkata ba tabbaci ba ce, kuma lissafi ya kai iyakarsa a nan. Duk shafin da za ka buɗe ba zai gaya maka ɗigo tawada ne ko kashin ƙuda ba. Takardar ce za ta faɗa.

Baba Alhaji Gidaɗawa:
Kada ku yi saurin kore 3 ga wata. A da, sau da yawa ciniki da baki aka yi gaban malami da dattawan unguwa, a biya kuɗi, a yi fatiha. Daga baya in an samu ɗan boko sai a ce shi rubuta. Malami na iya sa ranar da anka ƙulla cinikin, ɗan boko shi sa ranar da yar rubuta. Na ga irin haka da idona. Ɗana Bashar, in akwai tsoho cikin gidanku da yah halarta, tambaye shi.

Bashar Mabera:
To Baba. Na kira Kawu. Shi lokacin yana makarantar kwana, bai halarta ba, kuma duk shaidun sun rasu. Amma takardar tana hannunsa cikin akwati. Malama, me zan ce ya yi?

Malama Asma'u:
Ka ce ya shimfiɗa ta a kan tabarma ko tebur kusa da ƙofa da rana, ba tare da fitilar waya ba, don walƙiyar tana wanke tawadar da ta koɗe. Ya ɗauki shafin duka sau ɗaya, sannan ya matso ya ɗauki layin malamin shi kaɗai, ya ɗan buɗe ninkin da yatsa a hankali kada ya yage. Wajen turowa kuma ya turo shi a matsayin fayil, kada ya bi hanyar hoto ta yau da kullum, ita ce take matse shi har ƙananan ɗigo su narke. In kana da hali ma ka hau mashin ka je da kanka, ido ya fi.

Abin da za ka duba a ɗigon: launinsa ɗaya ne da sauran rubutun malamin? Yana zaune a dama da ukun, a tazarar da lamba take zama? Kuma ka gwada shi da sifilin da ke cikin shekarar, wato ɗigon da ke bayan ١٤, tunda hannu ɗaya ne ya yi su.

Bashar Mabera:
Na dawo daga gidan Kawu yanzun nan. Na riƙe takardar da hannuna. Rubutun boko da shuɗin biro ne, na malamin da baƙar tawada ta alƙalami. Ɗigon baƙi ne, mai ɗan kusurwa kamar yadda bakin alƙalami yake bari, kuma kamarsa ɗaya da sifilin da ke cikin shekarar. Sauran ɗige-ɗigen takardar jajaye ne kamar tsatsa. Ni dai a idona 30 ce. Lambar ƙarshe ta shekara kuwa ninkin ya cinye ta, takardar ta huje a wurin, sai ɗan tsayin layi ake gani a sama.

Sanusi Arkilla:
Na ga sabon hoton. Na sauka daga kan 3, da kashi mafi yawa. Abin da ya rage mini kawai, alƙalami yakan ɗiga. Amma ɗigon ya zauna inda ya kamata sifili ya zauna.

Malama Asma'u:
Alhamdu lillahi. Saura rubutawa. Ga yadda zan yi in ni ce.

Kowane kwanan wata ya zauna a inda yake a takardar asali. Na sama a sama, na malamin a ƙasa wurin sa hannunsa. Kada ka haɗa su a layi ɗaya, domin masu takardar ba su haɗa ba. Watan Miladiyya ka rubuta sunansa, kada ka bar shi a lamba. In ka buga 6/4/1981 a tsakiyar rubutun Larabci, manhajar rubutu takan juya jerin, kuma ko ba ta juya ba mai karatu bai san daga wane gefe zai fara ba. Tunda Sudan za ta, ka sa أبريل, shi suke amfani da shi kamar Masar. Da Siriya ko Iraƙi ce, نيسان za ka sa. Kada ka manta da م bayan shekarar Miladiyya da هـ bayan ta Hijira. A sama:

6 أبريل 1981م

A wurin malamin, abin da ya rubuta, da lambar da ta ɓace cikin baka mai kusurwa don a san kai ka cike ta:

يوم الاثنين 30 جمادى الأولى 140[1]هـ

Sai a ƙasan shafi, bayanin mai fassara, gajere:

[ملاحظة المترجم: الرقم الأخير من السنة الهجرية مطموس في الأصل. ويوم الاثنين 6 أبريل 1981م يوافق بالحساب 1 جمادى الآخرة 1401هـ، والفرق يوم واحد.]

Ma'anarsa: lambar ƙarshe ta shekarar Hijira ta goge a takardar asali, kuma Litinin 6 ga Afrilu 1981 a lissafi ta dace da 1 ga Jimada Akhir 1401, bambancin kwana ɗaya ne. Bayan ka buga, ka mayar da shi PDF ka duba layin da ke da baka, don nan ne lambobi suka fi son sauya wuri.

Murtala A.:
A nan ne ban bi ki ba, Malama. Duk takardar Larabawa da na gani, suna rubuta kwanan wata ɗaya sai su ce الموافق su kawo ɗayan. Me zai hana Bashar ya rubuta 30 Jimada Ula 1401 almuwafiƙ 6 ga Afrilu 1981 ya huta? Mun riga mun gano rana ɗaya ce. Wannan dogon bayanin shi zai sa mutanen Sudan su fara zargin akwai matsala a takardar, alhali babu. Maganar gida ce fa, da gado a bayanta.

Malama Asma'u:
Na fahimci damuwarka, kuma ba ƙarama ba ce. Amma kalmar almuwafiƙ shaida ce. Wanda ya rubuta ta yana cewa wannan ranar ita ce waccan. In mai takardar ne ya faɗa, sai mu fassara. A nan bai faɗa ba, mu ne muka gano, kuma ka ji Baba ya nuna mana yadda ranakun biyu za su iya zama daban a irin waɗannan takardu. In Bashar ya sa ta cikin jikin fassarar, ya sa wa mamaci magana a baki. Sannan ka tuna su ma can suna da waya. Ɗaya daga cikinsu zai sa 6 ga Afrilu 1981 ya ga Jimada Akhir, ya ga fassara ta ce Jimada Ula, ba kuma wanda ya yi masa bayani. Zargin da kake gudu a nan zai fi tsanani, kuma a kan Bashar zai sauka.

Murtala A.:
Duk da haka ni da zan rage shi. In ce lambar ƙarshe ta goge, in tsaya nan. Wanda ya tambayi kwana ɗayan a yi masa bayani da baki. Takarda in ta cika bayani tana zama kamar mai kare kanta.

Maman Hanifa:
Bayanin baki ba ya bin takarda, Malam Murtala. Yau Bashar yana nan, bayan shekara ashirin fassarar ce kawai za ta rage a hannun jikoki.

Baba Alhaji Gidaɗawa:
Ni abin da ni ka so shi ƙara guda ne. Shi rubuta cewa ya ga takardar da idonai, ba hoto kaɗai ba, shi sa ranar da yag gane ta. Kuma shi aika musu da hoton tare da fassarar, layin malamin ai Larabci ne, su karanta da kansu.

Bashar Mabera:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bar kwanan watan biyu kowanne a wurinsa, na sa bayanin Malama, na ƙara na Baba cewa na duba asalin a gidan Kawu. Kawu da na karanta masa ya fi son ra'ayin Malam Murtala, ya ce a cire maganar kwana ɗayan kada a tayar da abin da yake kwance. Na roƙe shi ya bari mu kai wa Yaya Babba ta yanke, ita ce babbarsu, gobe bayan la'asar za mu je.

Sanusi, maganar 3 ga wata ban sa ta cikin bayanin ba, amma zan tura musu hoton layin da na ɗauka kusa. Malama, tambaya ta ƙarshe: kuɗin cinikin an rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, kuma kamar ba su zo ɗaya ba. In turo miki wannan layin ki duba?

Malama Asma'u:
Turo, amma na kusa ɗin da ka ɗauka yau, ba na Kawu na farko ba.